Wiwi Ce Ko Ciwo Ne? Yadda Ake Rarrabewa, da Abin da Ya Kamata Ya Biyo Bayan Sallama

 

Tambayar da aka fi yi mini a ɗakin duba marasa lafiya ita ce wadda wani dattijo ya yi mini wata ranar Litinin da hantsi. Ɗansa na zaune a ƙasa, an ɗaure masa hannuwa da rawani, yayan yaron yana riƙe da shi. Dattijon ya ce: "Likita, don Allah gaya mini gaskiya. Wiwin ce ta taɓa shi, ko kuwa ciwon ne ya same shi?" Na ce masa: "Baba, yau ba zan iya raba maka su ba. Amma zan gaya maka yadda za mu gane, da tsawon lokacin da abin zai ɗauka." Wannan amsa ita zan warware muku a yau, kuma da labarin wannan yaro zan yi ta, ba tare da na faɗi abin da zai sa a gane shi ba.

Shekararsa 22, yana koyon ɗinki. Kwana huɗu bai runtsa ba. Ya ce maƙwabta sun dasa na'ura a silin ɗakinsa, kuma masu babur da ke wucewa ta ƙofar gida duk an turo su ne su sa masa ido. Yana jin muryar mutum biyu suna zancensa, suna cewa "ga shi nan ya tashi, ga shi nan ya zauna." Daren Lahadi ya farfasa silin da taɓarya. Yayansa ya ce tun yana shekara 16 yake zuƙar wiwi, a 'yan watannin nan kuma abin ya kai naɗi biyar ko shida a rana, har da wata mai ƙarfi da ya fara samowa.

Duk wanda ya ji wannan zai ce ai magana ta ƙare. Binciken shan ƙwaya na ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 10.6 ne suka sha wiwi a cikin shekara guda. To ku lura da abin da wannan adadi yake nufi ga likita. Idan masu sha suna da yawa haka, dole ne a samu wiwi a fitsarin samari da dama da ke zuwa da taɓin hankali, har da waɗanda da ma ciwon zai same su ko sun sha ko ba su sha ba. Samun wiwi a jikin majinyaci bai isa hujjar cewa ita ce ta jawo ba.

Kafin ma a zo kan wannan, akwai tambaya ta farko wadda ba a tsallake ta: shin wannan ruɗewa ce ta ciwon jiki? A ƙasarmu zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da sanƙarau, da taifot, da faɗuwar sukarin jini, da buguwa a kai, da farfaɗiya, duk suna iya sa mutum sambatu da gane-gane. Tiramol da yawa yana sa jijjiga, kuma bayan jijjigar mutum kan ruɗe. Bambancin yana ga wayewar kai. Mai ruɗewar ciwon jiki ba ya sanin inda yake ko ranar da ake ciki, hankalinsa yana zuwa yana tafiya, da dare abin ya fi tsanani. Na tambayi yaron nan inda muke, ya faɗi sunan asibitin. Ya faɗi rana da wata daidai. Na ce ya lissafo ranakun mako daga baya zuwa gaba, ya yi bai yi kuskure ba. Zafin jikinsa digiri 36.8, wuyansa bai sanƙare ba, sukarinsa daidai, gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba. Wannan aikin minti goma sha biyar ne, kuma na taɓa ganin inda aka tsallake shi saboda an ji warin wiwi a rigar yaro, alhali sanƙarau ne ke cinsa.

Da muka kawar da wannan, sai mu koma kan abu biyu da suka yi kama. Na farko taɓin hankalin da wiwi ta haddasa. Na biyu ciwo mai tushen kansa, mafi yawa sikizofireniya, wani lokaci kuma ciwon nan mai ɗaga mutum sama ya sauke shi ƙasa, wanda ke zuwa da rashin barci da yawan magana da jin kai. Littafin DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013, ya ba da ma'auni biyu masu sauƙin riƙewa. Idan alamomin sun riga shan, ko kuma sun ci gaba har kamar wata guda bayan an daina sha kuma maye da raɗaɗin dainawa sun wuce, to ba za a jingina su ga wiwi kaɗai ba. Littafin ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda asibitocinmu suka daɗe suna aiki da shi, ya ɗan fi sassauci: yana sa ran sauƙi ya fara cikin wata guda, a warke sarai kafin wata shida. Dukansu biyu suna nuna abu guda: lokaci ne alƙali. Ana duba abin da ya gabata, ana kuma jiran abin da zai zo.

Abin da ya gabata ba a bakin majinyaci ake samunsa ba, ba kuma a bakin uba ba galibi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a gidajenmu uwa ce ta san ranar da yaro ya fara barin tuwonsa. Na nemi a zo mini da mahaifiyarsa ranar Laraba. Na ɗauki farar takarda na ja layi biyu a kwance, na sama na shan wiwi, na ƙasa na canjin hali. Ba na tambayar mutane da watannin Bature, don ba da su suke riƙe al'amura ba. Na ce: "Mama, azumin bara yaya yake? Da babbar salla fa, ya fita yawon salla da abokansa?" Ta yi shiru, sannan ta ce tun kafin azumin bara ya daina zuwa ƙwallo. Da ƙaramar salla bai ɗinka wa kansa kaya ba, shi da yake tela. Ya rage wanka. Wata rana ta leƙa ta same shi yana murmushi shi kaɗai, ta tambaye shi, ya ce babu komai. Yayansa kuma ya tabbatar cewa yawan shan ya ƙaru ne bayan babbar salla. Da na sa waɗannan a kan takarda, sai ga layin ƙasa ya riga hauhawar layin sama da wajen wata huɗu.

Wannan ya sa na ƙara shiga taitayina, amma bai yanke hukunci ba. Yaron yana sha tun shekara shida da suka wuce, ko da kaɗan-kaɗan ne, don haka babu wani lokaci na kusa da za a ce ga shi babu wiwi kuma ga alamomi. Ita kanta wiwi mai yawa tana kashe wa mutum jiki, ta raba shi da sana'a da abokai. Kuma akwai samarin da ciwon ke fara musu a ɓoye, su ji wani irin tsoro da rashin natsuwa da ba su san sunansa ba, sai su ƙara sha don su sami barci. Ta kowane ɓangare ana iya karanta takardar nan. Sai na tambayi dangi. Mahaifiyar ta ce ƙanenta, wato kawun yaron, ya yi shekaru yana karɓar allura duk wata a asibitin masu taɓin hankali, kuma shi ko sigari bai taɓa sha ba. Wannan ya ƙara nauyi a ɓangaren ciwo mai tushe.

Su kansu alamomin suna ɗan taimakawa, kaɗan. Wanda wiwi ta ruɗa ya fi zuwa da abu na farat ɗaya, da firgici, da zargi, da gane-gane na ido, yanayinsa yana sauyawa cikin sa'o'i, kuma sau da yawa idan ka zauna da shi zai ce maka "Likita, ni ma na san kamar ba daidai nake ba." Mai sikizofireniya ya fi zuwa da maganar da ba ta haɗuwa, da fuska mara motsi, da muryoyin da ke yin sharhi a kan abin da yake yi, da yaƙinin da ba ya girgiza. Amma ina roƙon ɗalibai kada su mai da wannan abin yanke hukunci. Na ga kowace alama a kowane ɓangare.

Gwajin fitsari fa? Fitsarinsa ya nuna wiwi, kamar yadda kowa ya zata. Sinadarin da ke sa maye, wato THC, yana maƙalewa a kitsen jiki yana fita a hankali. Wanda ya sha sau ɗaya, kwana uku ko makamancin haka gwajin zai daina nunawa. Wanda ya daɗe yana sha kullum, fitsarinsa na iya nunawa har wata guda, wani lokaci fiye. Saboda haka idan kun gwada yaro a mako na uku kuka ga ta fito, kada ku ce masa maƙaryaci, kuna iya rasa amanarsa a kan abin da bai yi ba. A ɗaya gefen kuma, haɗe-haɗen da ake fesa wa ganye sinadarin roba, irin wanda samari ke kira kolos, gwajin da muke da shi na yau da kullum ba ya kama su. Fitsari mai tsabta shi ma bai wanke mutum sarai ba. Dole a haɗa da shaidar wanda ke kwana ɗaki ɗaya da shi.

Mun kwantar da shi, domin ya riga ya ɗauki taɓarya, kuma ba ya yarda da abincin gida. Na tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tunanin halaka kansa ko wani. Tambayar nan ba ta sa wa mutum tunanin, kuma rashin yin ta ne ke da haɗari. Ya ce a'a. Muka fara masa olanzafin miligiram 10 da dare. Na zaɓe shi a kan halofiridol ne saboda samari sun fi kowa saurin samun murɗewar wuya da ƙafewar ido idan aka ba su halofiridol, kuma maganin da ake warware wannan da shi, benzekzol, shi ne ekzol ɗin da ake sayarwa a bayan tasha don maye. Ba na so in raba yaro da abu ɗaya in haɗa shi da wani. Olanzafin kuwa nasa aibin ƙiba ne da hauhawar sukari, don haka muka auna nauyinsa tun ranar farko: kilo 58.

Makon farko sai da na gargaɗi ma'aikatan ɗaki. Mai shan wiwi kullum idan ya daina, daga kwana ɗaya zuwa uku yake fara jin raɗaɗi: fushi, rashin cin abinci, gumi, munanan mafarkai. Abin yana tsananta a makon farko, ya lafa cikin mako biyu, ko da yake barci kan daɗe bai daidaita ba. Wanda bai san wannan ba zai ga yaro yana masifa a kwana na huɗu ya ce ciwo ya ƙaru, ya ninka magani. A dare na uku ya yi barcin awa bakwai. A kwana na goma muryoyin sun yi nisa. A kwana na goma sha shida ya ce mini da kansa: "Likita, maganar na'urar nan, ina ganin kaina ne ya yi zafi." Ya nemi a ba shi waya ya ba mahaifiyarsa haƙuri.

A nan ne kuskuren da ya fi damuna yake faruwa. Yaro ya warke cikin mako biyu, ƙasa da watan da littafi ya ce, sai a rubuta a kati cewa wiwi ce, a ce wa uba "ya daina sha kawai," a sallame su babu ranar dawowa. Uba ya tafi da murna, domin "wiwi ce" ta fi "ciwo ne" sauƙin faɗa wa dangi da masu ba da aure. Amma ku duba abin da muka yi: mun raba shi da wiwi kuma mun ba shi magani a lokaci guda. Wanne ne ya warkar da shi? Mai sikizofireniya ma yana samun sauƙi da olanzafin cikin mako biyu zuwa huɗu. Ma'aunin wata guda yana aiki sosai ne idan babu magani a tsakani, kuma babu likita mai tausayi da zai bar yaro cikin wannan firgici wata guda don ya gwada ma'auni.

Ko da ma a ce wiwin ce tabbas, ba a tsira ba. A ƙasar Denmak, inda ake da rajistar duk wanda ya je asibiti, Starzer da abokan aikinta sun bi mutum 6,788 da aka rubuta musu taɓin hankali na shaye-shaye tsakanin 1994 da 2014. Sakamakon ya fito a 2018. A cikin waɗanda aka ce wiwi ce ta taɓa su, kashi 47.4 cikin ɗari daga baya an tabbatar musu da sikizofireniya ko ciwon hawa da sauka. Rabin waɗanda suka koma sikizofireniya sun koma ne cikin kusan shekara uku na farko. A Finlan, binciken da aka wallafa a 2013 a kan mutum fiye da 18,000 ya sami kashi 46 ga masu wiwi cikin shekara takwas, alhali ga masu giya kashi 5 ne kacal. Da aka tattara bincike da dama wuri guda a 2020, adadin ya sauko zuwa kashi 34. Waɗannan alƙaluma na ƙasashen da wiwinsu da asibitocinsu suka bambanta da namu ne, amma ko mun ɗauki mafi ƙanƙanta, mutum ɗaya cikin uku ke nan. Babu wani ciwon jiki da za a ce ɗaya cikin uku zai rikiɗe ya zama mai tsanani, a sallami mai shi babu ranar dawowa.

Don haka abin da na rubuta a katinsa shi ne: taɓin hankali karo na farko, tare da shan wiwi mai yawa, ba a yanke asali ba tukuna, za a sake dubawa. Ga uban kuma na ce: "Baba, ya sami sauƙi, alhamdu lillahi. Amma ina so ka ba ni shekara uku. Ba shekara uku na kwanciya ba, na zuwa muna gaisawa." Na tsara musu dawowa bayan mako ɗaya, sannan duk mako biyu har wata uku, sannan duk wata har shekara, daga nan duk wata uku. Wannan tsarina ne, wani likitan zai ɗan bambanta, amma makonnin farko bayan sallama su ne mafi haɗari, domin yaro zai koma unguwar da dillalinsa yake. Na karɓi lambar yayansa, muka yi alƙawari idan suka wuce rana biyu ba su zo ba, nas za ta kira.

A kowane zuwa abu huɗu nake dubawa, kuma na koya wa mahaifiyarsa uku daga ciki: barcinsa, fitarsa cikin mutane, da komawarsa kan keken ɗinki. Na huɗun shi ne sha, wanda nake tambayarsa shi kaɗai bayan na fitar da kowa. Na rubuta musu alamominsa na kansa, ba na littafi ba: idan ya kwana biyu bai yi barci ba, ko ya fara kallon silin, ko ya ƙi abincin gida, kada a jira ranar asibiti. Uban ya tambaye ni batun ruƙiyya. Na ce a yi masa addu'a, ni ma ina yi, amma kada a dakatar da magani, kada a ɗaure shi, kada a kai shi gidan mari. Mari ba ya cire wiwi daga zuciyar yaro, yana dai koya masa ɓoye abin da ke damunsa.

Batun daina sha ba a gama shi da faɗa. Babu ƙwayar da aka tabbatar tana raba mutum da wiwi. Abin da ke aiki shi ne zama da shi a kai a kai, a gano lokacin da sha'awar ke taso masa da abin da zai sa a gurbinta. Shi nasa lokacin bayan isha'i ne, idan shago ya tashi. Yayansa ya riƙa biyo masa su dawo gida tare. Na kuma gaya masa gaskiya: binciken da Di Forti ta jagoranta, wanda ya fito a 2019, ya nuna mai sha kullum ya ninka wanda ba ya sha kusan sau uku wajen haɗarin taɓin hankali, mai shan mai ƙarfi kullum kuwa kusan sau biyar. Shi da ya riga ya taɓa faɗawa, ko naɗi ɗaya ba nasa ba ne.

Saura magani: har yaushe? Ga wanda labarinsa ya nuna wiwi ce zalla, wato lafiyarsa ƙalau kafin nan, babu ciwon a dangi, ya warke cikin kwanaki, nakan janye maganin a hankali cikin 'yan makonni zuwa wata uku, ina kallo. Ina da irinsu da suka wuce shekara uku ba su sake ba. Ga wanda aka tabbatar ciwo mai tushe ne, jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci gaba har wata 12 bayan alamomi sun ɓace kafin a yi tunanin dakatarwa. Yaron nan yana tsakiya. Saboda kawunsa da kuma watanni huɗun nan na takarda, na so ya kai shekara. A wata na shida nauyinsa ya kai kilo 67, yana kuka da barcin safe, fitsarinsa tsaf sau uku a jere, ya ce shi kam ya gaji. Na san idan na ƙi zai daina a ɓoye. Muka yi yarjejeniya a gaban yayansa: mu rage zuwa miligiram 5 na mako shida, sannan mu tsaya, shi kuma ya riƙa zuwa duk mako biyu.

Wata biyu da rabi bayan tsayawa, mahaifiyarsa ta sa aka kira mu ranar da ba tasu ba. Ta ga ya toshe tagar ɗakinsa da kwali, kuma dare biyu tana jin motsinsa. Da ya zo, ya ce muryoyin sun dawo, amma a hankali, kamar rediyo a ɗakin maƙwabci. Fitsari bai nuna komai ba. Yayansa, wanda ke kwana da shi, ya rantse bai ga ya sha ko kolos ba, shi ma ya ce bai sha ba, kuma a wannan karon ina da dalilin yarda da shi, domin watanni tara yana gaya mini gaskiya har wadda ba ta yi masa daɗi. Ga alamomi, babu wiwi kusan wata goma, babu magani. A ranar na sauya abin da ke katinsa zuwa sikizofireniya, na zaunar da su na yi musu bayani da sunan ciwon. Saboda ƙibar da ta dame shi, muka koma risferidon, miligiram 2 da dare, daga baya 3. Bai kwana asibiti ba, ba a ɗaure shi ba, silin bai fashe ba. Bayan mako uku ya koma shago, kuma zuwansa na baya-bayan nan da kansa ya zo, da katinsa a aljihun rigar da ya ɗinka.